Nawa zan ci a jarabawar ƙarshe in kai 14? Ku duba mini wannan hoton

Ƴar_Birni
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu lissafi ku taimaka mini. Ina shekara ta uku a lisansi, ranar Litinin mai zuwa za mu yi jarabawar ƙarshe ta istatistik. Na shiga shafin da ake saka mana maki na ɗauko hoton allo, ga shi na turo. Ina so in fita da 14 a wannan darasin. Shafin ya rubuta mini 12,19 amma ban san ko daga nan zan fara lissafi ba. Nawa ya kamata in ci a jarabawar?

Mai_Kula_da_Zaure
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, na cire hoton, sunanki da lambar rajistarki duk suna sama ɓaro-ɓaro, kuma mutanen da ke zauren nan sun fi waɗanda kika sani yawa. Ki yanke saman ki sake turowa.

Ƴar_Birni
Na gode yaya, wallahi ban lura ba. Ga shi na yanke.

Ɗan_Mirriya
Hoton bai buɗe mini ba, megana ya kusa ƙarewa. Ki rubuto abin da ke ciki.

Ƴar_Birni
To ga shi kamar yadda yake:

```
Devoir 1              9,50 /20    15%
Devoir 2             13,00 /20    15%
TP                    7,50 /10    10%
Examen                  --        60%
Moyenne provisoire   12,19
```

Ɗan_Mirriya
Ai wannan ba wuya. Kina da 12,19 kina neman 14. Sai ki ninka 14 sau biyu, 28, ki cire 12,19, saura 15,81. Ki ci 16 ki huta. Haka muke yi tun lise kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Sabon_Gari_227
Ni 16,46 na samu. Na ɗauki kowane maki na ninka da kasonsa, na haɗa, ya ba ni 4,125. Na cire daga 14 na raba da 0,6. Ke dai ki nemi 16,5.

Zango_Boy
Ni kuma kalkilatiris ɗin wayata ta ce 5,88. Na san ba zai yiwu ba amma ban ga inda na ɓata ba.

Ƴar_Birni
Innalillahi. Mutum uku amsa uku. Wanne zan ɗauka?

Mushe_Lawali
Ɗiyata, kada ki ɗauki ko ɗaya tukuna. Ni lissafi nake koyarwa, kuma abin da nake fara yi da irin wannan hoton shi ne in gwada ko zan iya fito da lambar da shafin ya nuna da hannuna. In na iya fito da 12,19 ɗin nan, to na gane yadda na'urar ke lissafi, sai in ci gaba. In ban iya ba, duk abin da na gina a kai banza ne.

Mu gwada. Layin `TP` a kan 10 yake, sauran a kan 20. Saboda haka 7,50 ɗin nan 15 ne a kan 20. Yanzu kowane maki a ninka shi da kasonsa:

```
9,50 × 0,15 = 1,425
13   × 0,15 = 1,950
15   × 0,10 = 1,500
              4,875
```

Wannan 4,875 shi ne abin da kika riga kika zuba a aljihu daga cikin 20 ɗin darasin. Ko ba ki rubuta komai ba ranar Litinin, shi yana nan. Abubuwan da aka riga aka yi kashi 40 ne cikin ɗari, wato maki 8 daga cikin 20, ke kuma kin kwashi 4,875 a cikinsu. In kika raba 4,875 da 0,40 za ki samu 12,1875. Ga 12,19 ɗin shafin ta fito. Ke nan shafin ya ajiye jarabawar ƙarshe gefe, bai lissafa ta sifiri ba, kuma ya mai da makin `TP` a kan 20.

Sauran aikin gajere ne. Kina son 14, kina da 4,875, saura 9,125. Jarabawar ƙarshe kashi 60 ce, wato kowane maki ɗaya da kika ci a takardar 0,6 yake ƙara miki. Sai a tambaya, 0,6 nawa ne a cikin 9,125?

```
(14 − 4,875) ÷ 0,60 = 15,208
```

Amsar ita ce 15,21.

Sabon_Gari_227
Kai, na gani. Ni 7,50 na ninka kai tsaye ban kula a kan 10 yake ba. Shi ya sa nawa ya hau.

Mushe_Lawali
Hanyarka daidai take, layi ɗaya ne ya kuɓuce maka. Da ka raba 4,125 ɗinka da 0,40 da ka samu 10,31, ka ga ba ita ce a hoton ba, da tun nan ka tsaya. Shi ya sa nake cewa a fara da wannan gwajin.

@Zango_Boy kai kuma baka biyu ka manta. Ka buga 14 − 4,875 ÷ 0,6 a jere, ita kuma waya rabawa take fara yi kafin cirewa. Ta raba 4,875 da 0,6 ta samu 8,125, ta cire daga 14, ga 5,875 ɗinka. Ka fara cirewa, ka danna daidai, sannan ka raba.

Zango_Boy
Haka ne Mushe, na sake bugawa ya ba ni 15,2083. Allah ya ƙara sani.

Ɗan_Mirriya
To ni fa Mushe? Tawa hanyar ai ita malamanmu suka nuna mana. Kuma 15,81 da 15,21 ba wani nisa ba ne.

Mushe_Lawali
Hanyarka gaskiya ce a inda ta dace. In makin aji da makin kompozisiyon rabi da rabi suke, a haɗa a raba biyu, to ninka abin da ake nema sau biyu a cire na aji shi ne amsa. A nan ba rabi da rabi ba ne, 40 ne da 60. Jarabawar ta fi nauyi, saboda haka ba sai ta yi nisa sosai ba kafin ta jawo muwayan sama. Nisan kuwa, ka tambayi wanda ya fito daga ɗakin jarabawa ko 15,25 da 16 ɗaya ne a wurinsa.

Hajiya_Garin_Malam
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda malami yana nan. Yarona yana aji na ƙarshe a lise, makinsa na aji a lissafi 8,5 ne. Yana ta ce mini ba damuwa zai kai 10. Nawa zai ci a kompozisiyon? Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kuɗin makarantar daga hannuna yake fita, ina so in san abin da zan ce masa.

Ɗan_Mirriya
Hajiya wannan kam tawa hanyar ce. 20 a cire 8,5, saura 11,5.

Mushe_Lawali
Hajiya, ya faɗi daidai in makarantarsu haɗawa take ta raba biyu. Ki ɗauko takardar sakamakonsa ta samastir da ya wuce, ki sa wani ya gwada layi ɗaya: makin aji da na kompozisiyon a haɗa a raba biyu, a gani ko shi ne aka rubuta. In makarantar tana ninka kompozisiyon sau biyu ta raba da uku, to amsar ta sauka zuwa 10,75. Ki ce masa 11,5, wannan ta ishe shi ta ko wace hanya.

Hajiya_Garin_Malam
Allah ya saka da alheri Malam. Zan sa yayarsa ta duba in ta dawo.

Ƴar_Birni
Mushe na gode ƙwarai, na bi lissafin da biro ya fito mini daidai. To in na ci 15 fa? Ai 15,21 kusan 15 ce.

Mushe_Lawali
A'a. 15 sau 0,6 tara ne cif, ki haɗa da 4,875, kin samu 13,875. Ba ki kai ba. Irin wannan amsar kullum sama ake kai ta, ba a sauko da ita, domin ita ce mafi ƙarancin abin da zai isa. Sai ki duba yadda malaminku ke ba da maki. In yana ba da kwata, 15,25 za ta ba ki 14,025. In rabi-rabi kawai yake bayarwa, to 15,5 kike nema, ita kuma 14,175 za ta ba ki. In ba ya ba da gutsure sam, 16 ce.

Ƴar_Birni
A dabuwar na farko wata ta samu 11,75, ke nan yana ba da kwata.

Mamman_Tanut
Ni ban yarda da wannan tsananin ba. 13,875 ai 14 ce. Wane malami ne zai ga 13,88 ya ƙi cika maka? A shekarar da na gama, juri ta cika wa mutane da yawa. Ni kaina 9,90 aka mai da mini 10.

Delegen_Aji
@Mamman_Tanut abin da aka yi maka daban ne. Juri kan duba wanda ke bakin faɗuwa, ɗan kaɗan ya rage masa ya kai 10, ta ga ko za ta tsamo shi. Wannan ma ganin dama ne, ba haƙƙinka ba ne, bana a yi baɗi a ƙi. Amma ban taɓa ganin an zauna an cika wa mai 13,88 don ya kai 14 ba. Wanda ya riga ya wuce ba wanda ke tsayawa a kansa.

Mamman_Tanut
Ni dai na ga an yi. Ya danganta da malami.

Delegen_Aji
To ko da ana yi, ba abin da za a shiga ɗakin jarabawa da shi ba ne.

Fanna_Gure
Jama'a ni tawa ta fi ta kowa muni. Tun jiya ban yi barci ba. A wani darasi na ci 14 a dabuwar, na shiga shafi na ga an rubuta mini 4,20. Na yi kuka har na gode Allah. An yi kuskure ne wurin shigar da makin ko yaya? Mu ba makaranta ɗaya muke da Ƴar_Birni ba.

```
Devoir     14,00 /20   30%
Examen       --        70%
Moyenne     4,20
```

Sabon_Gari_227
Bari in gwada dabarar Mushe. 14 sau 0,30 ya ba da 4,2. To ai shi ke nan, ba kuskure. Naku shafin ya ɗauki jarabawar da ba a yi ba a matsayin sifiri. Abin da ya nuna miki shi ne abin da ke aljihu, ba muwayan ɗinki na gaskiya ba.

Mushe_Lawali
Madalla, haka ne. Kun ga shafi biyu, layi iri ɗaya, ma'ana daban. Na Ƴar_Birni ya raba da kason abin da aka yi, na Fanna bai raba ba. Wanda ya ga 12,19 sai ya saki jiki, wanda ya ga 4,20 sai hankalinsa ya tashi, alhali a cikin su biyun Fanna ce ma ta fi ƙoƙari a abin da aka riga aka yi. Fanna, ke an rage miki aiki, 4,20 ɗin kai tsaye za ki cire. Nawa kike nema?

Fanna_Gure
Ni 10 kawai, in tsallake ratarafaji. Wayyo, kun sauke mini dutse.

Mushe_Lawali
10 a cire 4,2 saura 5,8. A raba da 0,7 ya ba da 8,29. Ki lura da kyau a nan, domin naki ya fi hatsari wurin gutsure. In kika ci 8,25 za ki tashi da 9,975. Shafi zai iya nuna miki 9,98, kuma 9,98 ba 10 ba ce. Sai 8,5, ita ce za ta ba ki 10,15.

Mamman_Tanut
To 9,98 kam ko Delege ya san za a cika.

Delegen_Aji
Mai yiwuwa. Amma na san wanda ya koma ratarafaji da abin da bai fi haka nisa ba. Kwata ɗin maki ne tsakani, ta neme shi a takarda ya fi ta neme shi a bakin ofis.

Delegen_Aji
Wani abu kuma @Fanna_Gure, ki tambaya ko a sashenku akwai makin da in mutum ya sauka ƙasa da shi a jarabawar ƙarshe an kayar da shi ko da muwayan ya kai. Wasu wurare suna da wannan doka, wasu ba su da ita, kuma lambar ba ɗaya ba ce. Ba a cika rubuta ta a shafin maki ba, tana cikin takardar dokokin karatu da ake bayarwa farkon shekara.

Bakatsine_a_Damagaram
Mu can gida abin ya fi sauƙi. Gwaje-gwaje 30, jarabawa 70, jimla 100. In kana da 22 a cikin 30 kana son A, wadda ke farawa daga 70, sai ka cire 22 daga 70, saura 48 a cikin 70. Ba ninkawa ba rabawa. Me ya sa ku kuke wahalar da kanku?

Mushe_Lawali
Lissafi ɗaya ne Malam, ku an riga an ninka muku ne tun wurin ba da makin. In ka mai da na Ƴar_Birni a kan 100, tana da 24,375 a cikin 40, tana neman 70, saura 45,625 a cikin 60. Ita ce 15,21 a kan 20 ɗin nan. Inda rabawa ke shigowa shi ne mu takardar jarabawar a kan 20 ake gyara ta, dole a dawo da amsar can.

Aminu_Info
Ga mai son ya sa a Excel na Faransanci, wannan layin zai yi lissafin har ya kai shi sama zuwa kwata:

```
=PLAFOND((14-4,875)/0,6;0,25)
```

Zai ba da 15,25. In na Ingilishi ne sai `CEILING`, da ɗigo a lambobin da waƙafi a tsakani. Ki canza 14 ɗin ki ga sauran. Na gwada: 10 na buƙatar 8,75, 12 na buƙatar 12. Ko 20 kika ci, iyakarki 16,875.

Ƴar_Kara_Kara
Ni tambayata daban ce. Me ya sa dole sai 14? Da 12 a jarabawa kin fita da 12 da ɗoriya, ba laifi. Kar ki kashe kanki a darasi ɗaya ki bar sauran.

Ƴar_Birni
Yaya ba son girma ba ne. Darasin nan a ƙunshi ɗaya yake da wani, wanda aka riga aka gama, na samu 8 a cikinsa. Ina so ƙunshin duka ya kai 12 saboda ina da niyyar neman mastar a wannan fannin, kuma waɗanda suka riga mu sun ce mini ana duba shi. Wata ƙawata ce ta lissafa ta ce sai na samu 14 a istatistik.

Mushe_Lawali
To ashe tambayar ba daga 14 ta fara ba. 14 ɗin ma amsar wani lissafi ce, kuma ba mu gan shi ba. In ita ba daidai ba ce, 15,25 ɗin da muka sha wahala a kanta ta rushe. Ki turo mana layin `UE` ɗin, wato ƙunshin, gaba ɗaya. Ina jin da kika yanke hoton ɗazu kin yanke har da gefen da nauyin kowane darasi yake.

Ƴar_Birni
Haka ne, na yanke har da shi. Ga abin da ke wurin:

```
UE  Techniques quantitatives      Crédits 6
    Statistique         --        Crédits 4
    Mathématiques      8,00       Crédits 2
```

Sabon_Gari_227
Ƙawarki ta iya. 12 sau 6 ya ba da 72. Darasin lissafi ya kawo 8 sau 2, 16. Saura 56, a raba da 4, 14 cif.

Mushe_Lawali
Daidai, in da kiredi ake auna su. Kuma kin ga 14 cif ce, ba rara ko kaɗan. Da 15,25 a jarabawa ƙunshin zai tsaya a 12,02. Da 15 zai tsaya a 11,92. Kowane maki ɗaya na takardar Litinin 0,4 yake motsa ƙunshin.

Delegen_Aji
Mushe ka ce “in da kiredi ake auna su”, to nan ne nake da magana. Ba kullum kiredi da kowef suke zama ɗaya ba. Akwai inda ake rubuta kiredi a shafi amma a yi muwayan da wani kowef da ke cikin tsarin karatun sashe. Hoton nata babu layin `Coef` sam. In aka ce 3 da 2 ne, ba 4 da 2 ba, lissafin ya canza.

Mushe_Lawali
Ya canza sosai. 12 sau 5 sittin, a cire 16 saura 44, a raba da 3 ya ba da 14,67 a darasin. Sai a cire 4,875 a raba da 0,6, jarabawar ta koma 16,32, wato 16,5. Fiye da maki ɗaya ke nan a kan abin da hoto bai nuna ba.

Amma akwai yadda za ta gane ba sai ta je ofis ba. Ɗiyata, ki buɗe samastir da ya wuce, ki nemi ƙunshin da ke da darasi biyu masu kiredi daban, wanda an riga an fitar da muwayan ɗinsa. Ki ninka kowane maki da kiredinsa, ki haɗa, ki raba da jimlar kiredin. In ya yi daidai da abin da aka rubuta, to da kiredi ake yi. Ki zaɓi wanda makin darussan biyu suka yi nisa da juna, domin in 11 ne da 11,5 kowane nauyi ka sa kusan abu ɗaya zai ba ka, ba za ki gane komai ba.

Mamman_Tanut
Duk wannan wahalar a kan ƙunshi ɗaya. Masu zaɓen ƴan mastar muwayan ɗin shekara suke dubawa da mansiyon. Ƙunshi mai kiredi 6 a cikin 30 na samastir, ko 11,92 ne ko 12,02 ne, bambancin da zai kawo a samastir 0,02 ne. Wa zai gani?

Sabon_Gari_227
Lissafinka na 0,02 daidai ne. Amma ita ba muwayan ɗin samastir ta ce ba, layin ƙunshin ta ce.

Ƴar_Kara_Kara
Ni a nan ina bayan Mamman. Lokacin da na kai takarduna ba wanda ya tambaye ni ƙunshi ɗaya ɗaya.

Delegen_Aji
Ba a tambaye ki ba, amma takardar makin tana gabansu. Mu dai ba ma cikin ɗakin da ake zaɓen.

Ƴar_Birni
Na duba samastir da ya wuce. Akwai ƙunshi mai darasi biyu, ɗaya 13 mai kiredi 3, ɗaya 10 mai kiredi 2. An rubuta 11,80. Na ninka: 39 da 20, 59, a raba da 5, ya ba ni 11,8. Ya yi daidai!

Mushe_Lawali
Alhamdulillahi. Da haɗawa aka yi aka raba biyu da 11,50 za ki gani. Ke nan a wancan ƙunshin da kiredi aka auna.

Delegen_Aji
A wancan ƙunshin. Can 3 da 2 ne, kuma mai yiwuwa kowef ɗin ma 3 da 2 ne shi ya sa suka haɗu. Bai tabbatar da cewa a wannan 4 da 2 ne ba. Ki gwada wani ƙunshin kuma in akwai, ko ki tambayi delegenku, shi ya kamata a ce yana da tsarin karatun.

Ƴar_Birni
Sauran duk ko darasi ɗaya ne ko kiredinsu ɗaya. Na tura wa delegenmu saƙo bai buɗe ba tukuna.

Zango_Boy
Tambaya ɗaya Mushe. In ta ga jarabawar ta ɓaci, ba gara ta bari ta je ratarafaji ta ci 16 a can ba?

Delegen_Aji
Kar ka ba ta wannan shawarar. Da fari, wanda ya kai 10 ba kasafai ake barinsa ya shiga ratarafaji ba, ita kuma 8,75 kawai ta ishe ta ta wuce darasin. Na biyu, yadda ake lissafa makin can ya bambanta. Wani wuri yana maye gurbin jarabawar ƙarshe kaɗai, wani wuri yana shafe har makin dabuwar, wani wuri kuma duk abin da ka ci 10 za a rubuta maka. In na ƙarshen ne, ta yi asarar abin da take nema gaba ɗaya.

Zango_Boy
Ban san da wannan ba wallahi.

Aminu_Info
Amma fa 8,75 ɗin darasin kaɗai take tsallakarwa. In ana son ƙunshin ya kai 10, tunda akwai 8 a ciki, sai darasin ya kai 11. (60 − 16) ÷ 4. Jarabawar ta zama 10,21, wato 10,25.

Mushe_Lawali
Ka kyauta da ka kawo wannan. Ɗiyata, ki rubuta lambobi biyu a kan takardar bitarki: 10,25 don ƙunshin ya tsira, 15,25 don ya kai 12. Ranar Litinin kuma ki fara duba a kan nawa aka tsara takardar. In a kan 40 ce, 30,5 kike nema. Ki karanta makin da aka rubuta a gefen kowace tambaya kafin ki sa biro, domin 4,75 kawai kike da iznin zubarwa a cikin 20. Tambaya ɗaya mai maki 5 in kin bar ta fari, magana ta ƙare ko sauran duk kin cinye.

Fanna_Gure
Ni ma na duba takardar dokokinmu kamar yadda Delege ya ce, ban ga maganar makin kayarwa a ciki ba. Amma shafi ɗaya ya ɓace a kwafin da nake da shi. Gobe zan je sikolarite.

Ƴar_Birni
Allah ya saka wa kowa da alheri, Mushe Allah ya ƙara lafiya. Delegenmu ya amsa yanzu, ya ce shi ma yana jin 4 da 2 ne amma takardar tana wurin shugaban sashe, sai ranar Alhamis zai gan shi. Wani abu kuma da ya ɗaga mini hankali, ya ce malamin ya taɓa faɗa a aji wai zai iya jefar da dabuwar mafi ƙaranci ya bar mai kyau ya ɗauki kashi 30 ɗin duka. In haka ne lissafin ya sake canzawa ko?

Sabon_Gari_227
Ya canza ta wajen da kike so. 13 sau 0,30 ya ba da 3,9, da 1,5 na `TP`, 5,4. A cire daga 14 saura 8,6, a raba da 0,6, 14,33. Sai 14,5.

Delegen_Aji
In ya yi. Shafin dai har yanzu 15 da 15 yake nunawa.

Ƴar_Birni
To zan riƙe 15,25 har Alhamis ɗin. Wanda ke da tsofaffin takardun jarabawar istatistik na shekara ta uku don Allah ya turo mini ta gefe, ko hoto ne.